Na'urar Karɓar Kuɗi ko Talla ta Waya: Jawabi ga Masu Ƙananan Kantuna



Akwai wata tambaya da ta yawaita a bakin ƙananan 'yan kasuwa a duk faɗin ƙasar nan, tun daga Agege ta Ikko da Sabo ta Ibadan, har zuwa Wuse ta Abuja da Kantin Kwari ta Kano. Mutum ya tara ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, yana son ya kyautata sana'arsa, sai ya rasa inda zai sa kuɗin. Shin ya karɓo na'urar nan ta biyan kuɗi da kati, wadda aka fi sani da POS, ya ajiye a kanti? Ko kuwa ya sayi waya mai kyau da data, ya dinga tallar hajarsa a WhatsApp da Facebook da Instagram da TikTok?

Manufar wannan jawabi ita ce a nuna cewa abubuwan nan biyu ba aiki ɗaya suke yi ba. Na'ura tana karɓar kuɗi daga mutumin da ya riga ya zo bakin kanti, amma ba ta kiran kowa. Tallar waya tana kiran mai saye daga nesa, amma ba ita ke sa kuɗi a asusu ba. Saboda haka kafin ɗan kasuwa ya kashe ko kwabo, tilas ne ya gano ta inda cinikinsa yake yoyo. In masu saye suna zuwa suna komawa don ba su da tsabar kuɗi, wannan ciwo ɗaya ne. In kuwa ba sa zuwa sam, wannan wani ciwo ne dabam, kuma maganinsa dabam.

Yadda aka zo nan

Babban Bankin Nijeriya ya fara gwajin shirin rage amfani da tsabar kuɗi a Ikko a shekarar 2012, daga baya aka faɗaɗa shi zuwa sauran jihohi. Amma abin da ya shigar da shirin lungu da saƙo shi ne sauya fasalin takardun Naira 200 da 500 da 1,000 a ƙarshen 2022, da ƙarancin tsabar kuɗi da ya biyo baya a farkon 2023. A watannin nan mai shayi da mai nama da mai kayan miya duk suka koyi karɓar tiransifa. Da tsabar kuɗi ta dawo, ɗabi'ar ba ta koma ba. A yau mutane da yawa suna fita kasuwa da kati da waya kawai, kuma mai kantin da bai shirya musu ba, maƙwabcinsa ya shirya.

Abin da na'ura ke yi da abin da take ci

Da farko ya kamata a bambanta mai kanti da wakilin banki. Wakilin banki shi ne mai rumfar da ake zuwa a ciri kuɗi a ba shi lada. Sana'arsa ke nan. Mai kanti kuwa kayansa yake sayarwa, na'urar hanya ce kawai ta karɓar kuɗin kayan. Da mai kanti ake magana a nan.

Ana samun na'urar daga banki ko daga kamfanonin hada-hadar kuɗi da Babban Banki ya ba lasisi. Za a nemi lambar BVN da ta NIN da adireshin kanti, sa'an nan tun 2024 Hukumar Rajistar Kamfanoni ta bukaci masu aiki da na'urar su yi rajistar sunan sana'arsu. A watan Agusta na 2025 kuma Babban Banki ya ba da umarni a ɗaure kowace na'ura da wurin da aka yi mata rajista. Watau ita abar kanti ce, ba ta yawo gari gari ba.

Duk cinikin da aka biya da kati ana yankar lada a cikinsa. Ƙa'idar cajin da Babban Banki ya fitar, wadda ta fara aiki a Janairu 2020, ta sa ladan a kan rabin kashi ɗaya cikin ɗari, watau Naira 5 a kowace Naira 1,000, kuma kada ya wuce Naira 1,000 a ciniki guda. Wasu kamfanoni suna tsayar da iyakar tasu ƙasa da haka, saboda haka lalle ne a tambaya kafin a sa hannu. Haka nan a tambaya yaushe kuɗin ke shiga asusu, domin wasu nan take ne, wasu sai washegari. A kuma tambaya ko akwai adadin cinikin da in ba a kai shi ba za a karɓe na'urar. Wannan lada a wuyan mai kanti yake. Ƙa'idar Babban Banki ta hana ƙara wa mai saye farashi don ya biya da kati.

Misali na farko: kantin kayan masarufi

A ɗauka akwai mai kantin kayan masarufi a unguwar Sabo ta Ibadan. Adadin da za a kawo misali ne kawai, kowa ya sa nasa a madadinsu. Yana cinikin Naira 120,000 a rana, ribarsa kashi 8 cikin ɗari, watau Naira 9,600.

Kafin ya yanke shawara sai ya ajiye ɗan littafi a kan teburi har mako guda. Duk wanda ya ɗauki kaya ya ajiye don ba tsabar kuɗi, ko ya ce zai je ya ciro bai dawo ba, sai ya rubuta shi da kimar kayan. A ƙarshen mako ya ga kusan mutum 5 ne a rana, kowanne da kayan kimanin Naira 4,000. Ciniki ke nan na Naira 20,000 yake sulalewa kullum, da ribar Naira 1,600.

To, ya karɓo na'ura. A nan ne masu yawa suke kuskuren lissafi, domin suna zaton a kan Naira 20,000 ɗin nan kaɗai za a yanki lada. Ba haka ba ne. Da zarar tsofaffin abokan ciniki sun ga na'ura, wasunsu da a dā suke biya da tsaba su ma za su miƙo kati. A ce nasu ya kai Naira 40,000 a rana. Jimlar abin da ya bi ta na'ura Naira 60,000 ke nan, ladansa Naira 300. In aka cire shi daga Naira 1,600, saura Naira 1,300 a rana. A kwana 26 na aiki ya zama Naira 33,800. A fitar da Naira 3,000 na takardar rasit da cajin batir, saura Naira 30,800. In kuɗin da ya biya ya karɓi na'urar Naira 30,000 ne, wata guda ya isa ta fanshi kanta.

Amma akwai inda ya kamata ya buɗe ido. Ladan na'ura a kan kuɗin kaya ake yankarsa, ba a kan riba ba. A ce ya sayar da buhun shinkafa Naira 70,000, ribarsa a ciki Naira 1,500 ce tak. Rabin kashi ɗaya cikin ɗari na wannan Naira 350 ne, kusan rubu'in ribar ke nan. Saboda haka a kayan da kuɗinsu ke da nauyi amma ribarsu ƙanƙanuwa ce, kamar shinkafa da sukari da siminti, iyakar ladan da kamfani ya sa ita ce abin dubawa, kuma sau da yawa tiransifa kai tsaye ta fi masa sauƙi.

Shin wannan mai kanti zai amfana da tallar waya zuwa nesa? Lissafi ya ce a'a. Kayan Naira 4,000 ribarsu Naira 320 ce, alhali ɗan acaɓa zai nemi Naira 1,500 kafin ya kai su wata unguwa. Ba mai sayen da zai biya wannan don sabulu da madara da ake samu a bakin layinsu. Iyakar abin da waya za ta yi masa shi ne ya sanar da mutanen unguwa cewa sabon kaya ya iso, matan gida su aiko da saƙo, yaro ya zo ya karɓa. Wannan ba ya cin kome sai ɗan data.

Abin da ke ɓaci a na'ura

Babbar rigimar da ake yi a bakin kanti ita ce a ciri kuɗi daga asusun mai saye, amma na'ura ta ce ciniki bai yiwu ba. Mai saye yana nuna saƙon banki a wayarsa, mai kanti yana nuna rasit. A nan rasit ne alƙali. In an rubuta APPROVED da lamba 00, kuɗi ya wuce, a ba da kaya. In an rubuta DECLINED, bai wuce ba, ko da wayar mai saye ta yi ƙara. Lambar da ke tare da shi tana faɗin dalili: 51 kuɗin asusu bai isa ba, 55 an yi kuskuren lambar sirri, 91 bankin mai kati ne ba ya amsawa.

Abin da ya dace shi ne kada a ba da kaya, a miƙa wa mai saye rasit ɗin ya kai wa bankinsa, domin akwai lambar da aka rubuta RRN a jikinsa, wadda da ita ake bin sawun kuɗin. Umarnin da Babban Banki ya bayar a 2020 ya ce a warware irin wannan cikin awa 72. Kada kuma a yi ta maimaita sa katin sau uku sau huɗu lokacin da sabis ba shi da kyau, don kada a ciri kuɗin mutum fiye da sau ɗaya. Kowane dare mai kanti ya buga rahoton cinikin ranar daga na'ura, ya gwada da abin da ya shiga asusu. Wanda ya bar wannan har mako ya zagayo, in an sami giɓi ba zai san ranar da ya auku ba, balle yaron da ke tsaron kanti a lokacin.

Misali na biyu: mai atamfa a cikin gida

A ɗauka kuma akwai wata mata a Kaduna mai sayar da atamfa da leshi daga ɗakinta. Ba ta da kanti a bakin hanya, ba mai wucewa ya gani. Ciwonta ba rashin tsabar kuɗi a hannun masu saye ba ne, rashin masu sayen ne kansu. Ko an ba ta na'ura kyauta ba za ta amfane ta ba, domin mai kati sai ya zo da kansa ya danna lambar sirrinsa, alhali masu sayenta suna Jos da Abuja da Fatakwal. Ita tallar waya ce kasuwarta.

Tana saro turmi Naira 18,000, ta sayar Naira 24,000. A ido riba Naira 6,000 ce. To, a bi wata guda a gani. Ta aika turmi 40. Huɗu daga ciki an yi da ita sai kaya ya isa a biya, da ya isa masu shi suka ce launin bai yi daidai da hoto ba, ko suka kashe waya. Kuɗin mota zuwa da dawowa ya ci Naira 5,000 kowanne, Naira 20,000 ke nan. Turmi ɗaya kuma an turo mata alat na ƙarya, ta sallami kaya, uwar kuɗi Naira 18,000 ta tafi. Waɗanda aka biya 35 ne, ribarsu Naira 210,000.

Daga nan za a cire Naira 8,000 na data, da Naira 20,000 da ta biya aka yaɗa tallarta, da Naira 20,000 na leda da ɗauri a kan Naira 500 kowane turmi, da Naira 20,000 na kayan da suka dawo, da Naira 18,000 na wanda aka damfare ta. Jimla Naira 86,000. Abin da ya rage mata Naira 124,000 ne, watau kimanin Naira 3,500 a turmi, ba 6,000 ba. Ba a ma lissafa awoyin da ta ɓata tana amsa masu tambayar farashi su wuce ba.

Duk da haka sana'ar ta ci, domin ribar turmi tana da kaurin da za ta ɗauki waɗannan ɗawainiyoyi. Da ribarta Naira 1,500 ce a turmi, da ta wayi gari tana cin uwar kuɗi ba ta sani ba. Wannan ita ce ƙa'idar: tallar waya zuwa nesa ta dace da kaya marar nauyi, mai riba mai kauri, wanda ba ya lalacewa a hanya, kuma ba a samunsa a kowane layi, kamar yadi da takalma da turare da kayan kwalliya.

Ɓarna biyu daga cikin waɗanda aka lissafa suna da magani. Na farko, kada kaya ya bar gida sai an ba da kafin alƙalami wanda aƙalla zai biya kuɗin mota zuwa da dawowa. Na biyu, kada a sallami kaya sai an tabbatar kuɗi ya shiga. Da ta kiyaye waɗannan, da turmi 35 aka biya, ribarsu Naira 210,000, a cire Naira 48,000 na data da talla da ɗauri, saura Naira 162,000. Bambancin Naira 38,000 ke nan a wata, ba tare da ta ƙara sayar wa ko mutum ɗaya na gaskiya ba.

Yadda ake gane alat na ƙarya

Saƙon da ya shigo waya ba shaida ba ne, haka nan hoton rasit da mai saye ya turo, domin ana iya ƙirƙirar duka biyun. Alamun da ke tona asiri su ne saƙo ya fito daga lambar waya ta mutum maimakon sunan banki, ko jimlar kuɗin asusu da ke ƙarshen saƙon ta saɓa da wadda mai asusu ya sani, ko mai saye ya dinga gaggawa yana cewa mota za ta tashi. Shaida guda ce tak: mai kaya ya buɗe manhajar bankinsa, ko ya danna lambar bankin a waya, ya ga kuɗin da idonsa a cikin asusu. In mai saye ya rantse ya tura amma bai iso ba, mai yiwuwa gaskiyarsa ce sabis ne ya riƙe. Sai a jira, kaya ba ya ruɓewa don ya kwana.

A nan ne hanyoyin biyu suke haɗuwa. Na'urori da yawa a yau suna zuwa da lambar asusu tasu, kuma in an yi tiransifa cikinta na'urar da kanta za ta nuna, ta buga rasit. Mai kantin da ya bar yaro a kanti ba sai yaron ya kira shi ya tambaya ko alat ya shigo ba.

Amana da rumfar aro

Mai saye ta waya cinikin biri a sama yake yi, yana biya bai taɓa kaya ba. Don haka abin da mai talla yake sayarwa da farko amana ce. A ɗauki hoton kaya da hasken rana, kada a gyara launi, a faɗi tsawo da inganci da farashi a fili, a kuma faɗi sharaɗin mayarwa tun kafin a biya. Sunan da ke kan asusun banki ya yi daidai da sunan sana'a, domin mai saye yakan ja baya in ya ga wani suna dabam. Dokar gasa da kare haƙƙin masu saye ta 2018 ta hana yaudara wajen siffanta kaya, kuma ba ta ware cinikin waya ba.

Har ila yau, shafin talla rumfar aro ce. Ran 4 ga Oktoba 2021 Facebook da WhatsApp da Instagram suka ɗauke a duniya baki ɗaya har kusan awa shida. Daga Yuni 2021 zuwa Janairu 2022 an dakatar da Twitter a Nijeriya. A Satumba 2021 an katse layukan waya a Jihar Zamfara saboda sha'anin tsaro, abin da ya tsayar da tallar waya da na'ura gaba ɗaya. Ban da wannan, ɓarayi suna ƙwace shafi ta hanyar kiran mai shi su roƙe shi lambobi shida da aka turo masa. Da ya faɗa, shafi ya tafi, su shiga karɓar kuɗi da sunansa. Kada a ba kowa lambobin nan, a kunna kariya mai mataki biyu da ke cikin manhajar, sa'an nan a rubuta sunaye da lambobin abokan ciniki a littafi na takarda. Mai kanti kuma kada ya daina ajiye canji don ya sami na'ura.

Yadda za a yanke shawara

Abin da ake bukata littafi ne da alƙalami da haƙurin mako guda. A rubuta mutum nawa suka zo suka koma don ba hanyar biya, da kimar abin da suka ajiye. A rubuta ribar kowane irin kaya, a gwada ta da kuɗin kai shi wata unguwa ko wani gari.

In masu komawa suna da yawa, kuma ribar da ke tafiya da su ta fi ladan da za a yanka a kan dukan cinikin kati, na'ura ce farko. In kanti shiru ne, ko ma babu kantin, kuma ribar kaya ɗaya ta isa ta ɗauki data da ɗauri da kayan da za su dawo, tallar waya ce farko. Wanda yake da kanti a bakin hanya kuma yana sayar da kaya mai riba, kamar mai takalma ko mai yadi a kasuwa, zai bukaci duka biyun, amma ya fara da wadda lissafinsa ya nuna ta fi gaggawa, ribarta ta saya masa ɗayar. Kada a ci bashi don a yi su a rana ɗaya.

Wanda banki ko kamfanin na'ura ya riƙe wa kuɗi, ya fara kai ƙara a rubuce wurinsu, ya karɓi lambar ƙarar. In ba a share masa hawaye ba, sai ya ɗaukaka zuwa Sashen Kare Haƙƙin Abokan Hulɗa na Babban Bankin Nijeriya, tare da rasit da lambar nan. Saboda haka a riƙa adana rasit.

Allah ya sa albarka a nema, ya ba kowa kasuwa mai amfani. Wassalamu alaikum.